Waya a Hannun Yaro: Ki Ɗanɗana Miyar Kafin Ki Zuba Masa

Tun da aka koma lakwal, tambaya guda ce ta fi yawa cikin saƙonnin da ke iso wa wannan fili. Wata ƴar uwa daga wajen Tasawa ta taƙaita ta da kyau: ɗiyarta ta zo da sunan wani shafin intanet da ƴan ajinsu ke shiga don koyon lissafi, kullum da marece sai ta karɓi wayar uwar, ita kuwa uwar ba ta san ko karatu ake yi ko wasa ba. Ta ce, yaya za ta gane shafin kirki, alhali Faransancinta bai wuce na gaisuwa ba?

Amsar ba ta buƙatar dogon boko. Kwata guda na awa take buƙata, da mutum ɗaya mai iya karatu a gefenki, da tambayoyi uku: shafin ya dace da shekarun yaron? Wane irin talla ke ciki? Mi yake tambaya a ba shi? Ku tuna, a yawancin gidajenmu wayar da yaro zai yi karatu da ita, ita ce dai wayar da ke ɗauke da kuɗin uwa, da lambobin matan ƙungiya, da hotunan gida. In uwar ita ce ma'ajiya ko sakatariya, har lissafin zubi yana ciki.

Tambayar da ke gaban sauran: wa ke biya?

Mu matan asusu mun san in mace ta zo neman rance, ba kyan zanenta ake dubawa ba, sana'arta ake tambaya, don a san inda kuɗin biya zai fito. Haka za ki yi wa shafin da ya ce miki komai kyauta ne. Akwai masu rubuta darussan, akwai masu zane, akwai injinan da ke riƙe da shafin dare da rana, duk kuɗi suke ci. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin nan ta ɗayan hanyoyi huɗu yake fitowa: ko wata ƙungiya ko gwamnati ta ɗauki nauyi, ko iyaye su riƙa biyan kuɗin wata, ko a cika shafin da talla, ko a tara bayanan masu shiga a miƙa wa kamfanonin talla. Hanyoyi biyun farko a fili suke, kin san da wa kike ciniki. Biyun ƙarshe su ke son a buɗe ido, kuma sau da yawa tare suke tafiya.

Don ki gano, a gangara can ƙasan shafin a nemi inda aka rubuta `À propos` ko `Qui sommes-nous`, in da Ingilishi ne `About`. Shafin kirki zai faɗi sunan masu shi, da ƙasarsu, da inda suke samun kuɗi. Wanda ya ɓoye sunansa, kamar baƙon da ya ƙi faɗin garinsu ne: ba a bar masa yaro.

Shekaru: kar lambar da ke kan allo ta ruɗe ki

Masu wayar Android sun saba ganin ƴar alama kusa da sunan manhaja a `Play Store`: 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+. Mata da yawa na ɗauka 3+ na nufin an yi abin don yaro ɗan shekara uku ya koyi wani abu. Ba haka ba ne. Ma'anarta kawai babu zubar da jini, ko tsiraici, ko zagi a cikin manhajar. Ko manhajar ƙidaya kuɗin ƴan kasuwa tana iya ɗaukar 3+. Alamar ba ta ce darasin daidai yake da ajin yaronki ba, ba ta kuma ce ba a kwasar bayanansa ba. Shafukan da ake buɗewa kai tsaye cikin `Chrome` kuwa ko wannan alamar ba su da ita. Mai shafin ne ke rubuta abin da ya ga dama.

Saboda haka yaron ne ma'auni. Ki zaunar da shi ya karanta miki shafi guda da ƙarfi. Duk kalmar da ta gagare shi, ki lanƙwashe yatsa ɗaya. In yatsu biyar sun ƙare kafin ya kai ƙasa, abin ya fi ƙarfinsa, zai gaji ya koma kallon bidiyo. In ko ɗaya bai lanƙwashe ba kuma yana hamma, ya yi masa sauƙi. Biyu ko uku shi ne daidai. Wannan dabara ce ta malamai, kuma ko ba ki jin harshen, kunnenki zai gaya miki inda yaro ke tuntuɓe.

Sai kuma sunan aji. Shafukan Faransanci da yawa don yaran Faransa aka yi su. Suna da CP, CE1, CE2, CM1 da CM2 kamar namu, amma ba su da CI da yaranmu ke farawa da shi, kuma yaron can da Faransanci ya buɗi baki, namu kuwa a lakwal ya tarar da shi. To ba abin kunya ba ne ɗan CE2 ɗinmu ya fara da darasin da aka rubuta wa CE1 ko CP, musamman wajen karatu da rubutu. Lissafi ya fi sauƙin ɗaukowa, sai dai za ki ga ana ƙidaya da kuɗin Turai maimakon sefa. In kina shakka, a nuna wa malamin ajinsa shafin ranar da kika je lakwal.

Abu na ƙarshe kan shekaru shi ya fi nauyi: ko akwai wurin da baƙo zai iya yi wa yaro magana? Ki duba ko akwai ɗakin hira, ko wurin aika saƙo, ko inda ake cewa yaro ya sa hotonsa ya nemi abokai. Ga ɗan firamare, shafin karatu ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babba mai mugun nufi na iya rubuta cewa shekarunsa goma, ba mai tantancewa. In kin ga ƙofar hira a buɗe, wannan kaɗai ya isa dalilin barin shafin.

Talla: ba yawansa kaɗai ba, irinsa

Ke in kika ji mai talla na kirarin sabulunsa a kasuwa, kin san ciniki yake nema. Ƙaramin yaro bai iya raba talla da darasi ba, musamman in kalarsu ɗaya kuma wuri ɗaya suke. Shi ya sa tallan da ya fi haɗari shi ne wanda ya yi shigar darasi.

Ga yadda yake zuwa. Yaro na neman takardar atisayen lissafi, sai ya ga manyan maɓallai biyu ko uku, kowanne an rubuta `Télécharger`. Ɗaya ne na gaske, yawanci ma shi ne ƙarami. Sauran talla ne. In kika lura da kyau, a kusurwar na ƙaryar akwai ɗan ƙaramin rubutu `Annonce` ko `Publicité`, ko ɗan alamar giciye da ƙaramar kibiya. Yaro ba zai gani ba. Ya danna, sai a jefa shi wani shafin dabam: na cacar ƙwallo, ko na neman saurayi da budurwa, ko na cewa ya ci kyautar sabuwar waya.

Ki sani kuma mai shafin ba koyaushe ne yake zaɓen tallan da hannunsa ba. Fili yake bayarwa haya, wani kamfani ya riƙa zuba abin da ya ga dama, gwargwadon ƙasar da ake da kuma abin da aka saba dubawa da wayar. Wayar kuwa ta babba ce, don haka tallan manya za a turo wa yaro. Abin da kika gani da safe yana iya bambanta da wanda zai fito da dare. Shi ya sa gwaji sau ɗaya bai isa ba, ki sake leƙawa bayan kwana biyu, a lokacin da yaron ya saba riƙe wayar.

Talla yana cin mega ma. Bidiyon da ke tashi da kansa ya fi rubutun darasi nauyi nesa ba kusa ba. Ki duba sauran megarki kafin a fara, ki sake dubawa bayan minti goma sha biyar. In shafin rubutu ne zalla amma mega ta zube, kin san inda ta tafi.

Bayanai: abin da aka tambaya da abin da aka ɗauka ba tambaya

Akwai abin da shafi ke roƙo a fili: sunan yaro, ranar haihuwa, sunan lakwal, hoto, lambar waya. A nan ƙa'ida ɗaya ce, ki tambayi kanki ko darasin zai yiwu ba tare da wannan ba. Koyon ninkin bakwai ba ya buƙatar sunan unguwarku. In don a tuna inda yaro ya tsaya ne, laƙabi da aji sun wadatar. Sunan yaro cikakke, da hotonsa, da sunan lakwal ɗinsa, in suka haɗu wuri guda, sun isa baƙo ya san ƙofar da zai tsaya da lokacin tashi.

Akwai kuma abin da ake ɗauka shiru. Shafuka da yawa na ajiye wata ƴar shaida cikin wayarki, wadda kan allo ake rubutawa `cookies`. Kamar shaidar da ake yi wa akuya ce a kunne: duk kasuwar da ta shiga, mai shaidar zai gane ta. Wasu shaidun na da amfani, su ke tuna harshen da kika zaɓa. Wasu kuwa na kamfanonin talla ne, suna bin wayar daga shafi zuwa shafi suna tara labarin mi ake kallo, da wane lokaci, daga wane gari. In akwatin tambaya ya fito, kar a yi saurin danna `Tout accepter`. A nemi `Tout refuser` ko `Continuer sans accepter`, sau da yawa da ƙananan haruffa aka rubuta su. Galibi darasin zai buɗe duk da haka.

Wannan ba zargi ba ne kawai. A 2019 hukumomin Amurka sun sa kamfanin Google ya biya dala miliyan 170 na Amurka, kan tara bayanan yara ƴan ƙasa da shekara 13 a YouTube ba da yardar iyayensu ba. A 2022 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta binciki shafuka da manhajojin karatu sama da 160 da gwamnatocin ƙasashe 49 suka amince wa yara lokacin da korona ta rufe makarantu. Ta tarar kusan tara cikin goma na bin sawun yara ko suna da hanyar yin haka. Wato ko shafin da hukuma ko makaranta ta nuna, ba laifi uwa ta duba. Mu ma a Nijar tun 2017 akwai dokar kare bayanan mutane, da hukumar da ke kula da ita a Yamai, wadda ake taƙaita sunanta HAPDP. Amma yawancin shafukan nan a ƙasashen waje suke, bin kadi da wuya, hana su tun farko ya fi sauƙi.

Wani zai ce miki in adireshin ya fara da `https` to shafin amintacce ne. Rabin gaskiya ce. Ma'anarsa wasiƙar a liƙe take tafiya, ba mai karanta ta a hanya. Bai ce komai ba kan halin wanda zai buɗe ta a can.

Mu gwada tare

Mu ɗauki misali. Uwa ce mai soya ƙuli-ƙuli, zubinta dala ɗari duk mako, wato 500 F. Ɗiyarta na CE2, shekararta tara. Ranar taro, bayan an rufe akwati, ta zauna da sakatariya suka buɗe shafin da yarinyar ta zo da shi.

Da buɗewa, akwatin `cookies` ya fito, suka ƙi. Nan take wani ya biyo, yana neman izinin aiko da sanarwa, da zaɓi biyu: `Autoriser` da `Bloquer`. Suka danna `Bloquer`, don wanda ya yarda, talla zai riƙa faɗowa saman wayarsa ko an rufe shafin. Suka gangara ƙasa neman masu shi, ba suna, ba ƙasa. Yarinyar ta karanta darasi guda, yatsu uku suka lanƙwashe, wato ta fuskar aji bai yi laifi ba. Amma cikin minti biyar sun ƙidaya talla shida, ɗaya na caca.

Sai suka zo inda abin ya fito fili. Don ganin amsoshin atisaye, an ce a rubuta lambar waya, za a aiko da wasu lambobi ta saƙo, a mayar da su cikin akwati. Sakatariya ta matso da allon kusa da ido. Ƙarƙashin maɓallin, da rubutu kamar ƙafar tururuwa, akwai kalmar `abonnement` da `100 F/jour`. Ma'ana, da an tura lambobin nan, an shiga rajistar da za a riƙa cire dala ashirin kullum daga kuɗin kiran wayar. Dala ashirin ba ta da girma a ido. Amma a kwana talatin jika uku ke nan, 3.000 F, daidai zubin mako shida. Irin wannan rajistar kuma da kanta take sabuntawa: duk ranar da aka sa kuɗi a waya sai a tsinke, uwa na zargin kamfani ko yaran gida. Suka rufe shafin.

Daga nan suka gwada `africanstorybook.org`. Wata ƙungiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ce ke riƙe da shi, kuma ta faɗi hakan a fili. Littattafan labarai ne masu hoto cikin harsunan Afirka da dama, har da Hausa, akwai kuma na Faransanci. An jera su mataki biyar, daga mai kalmomi kaɗan zuwa mai dogon labari. Ba talla, ba a tambayi suna ko lamba kafin a karanta ba, kuma ana iya sauke littafi a ajiye cikin waya, yaro ya karanta bayan an kashe intanet. Yarinyar ta zauna a mataki na uku da Hausa, na biyu da Faransanci. Iyakarsa, karatu yake koyarwa, ba lissafi ba.

Ga yayanta ɗan CM2 mai yawan tambaya, suka duba `fr.vikidia.org`, kundin sani na Faransanci da aka yi don ƴan shekara 8 zuwa 13, shi ma ba talla, ana karantawa ba rajista. Sai dai abu biyu: ƴan sa-kai ke rubuta shi, har da yara, don haka kuskure na iya shiga, kuma kundin sani komai yana taɓawa, har yaƙe-yaƙe da sassan jikin mutum. Irinsa ana buɗe shi ne uwa ko babbar ya na kusa.

In an riga an danna fa?

Ba a yi latti ba. In sanarwar banza na faɗowa, a buɗe `Chrome`, a taɓa ɗigo ukun da ke sama, a shiga `Paramètres`, sai `Paramètres des sites`, sai `Notifications`, a toshe duk sunan da ba ki sani ba. In kuɗin kira na ɓacewa ba dalili, ki kira kamfanin layinki ko ki je ofishinsu, ki ce a karanta miki duk rajistar da ke kan lambarki, a cire wadda ba ki nema ba. In kuwa yaro ya taɓa ganin lambar sirrin asusunki na kuɗi, ki canza ta yau, ba don ɓarawo ne ba, don yaro ana iya yaudararsa ya faɗa.

Ki kuma koya masa doka guda da zai iya riƙewa: duk inda aka tambaye shi suna, hoto, lambar waya, ko lambobin da suka shigo ta saƙo, ya tsaya ya kira Inna. In ya zo ya ce ya riga ya danna wani abu, ki danne zuciya. Yaron da ya sha duka kan faɗin gaskiya, gobe ɓoyewa zai yi, kuɗin kuma su ci gaba da zuba.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyi: tun da ɗiyanmu aji ɗaya suke zuwa, shafuka ɗaya suke yaɗawa tsakaninsu, ba sai kowace uwa ta yi wannan aiki ita kaɗai ba. A taro mai zuwa a ware kwata guda bayan zubi, a gwada shafi ɗaya ko biyu a gaban kowa. Sakatariya ta buɗe shafin ƙarshe na littafinta ta ja layi biyu, gefe guda waɗanda aka yarda da su da ajin da suka dace da shi, gefe guda waɗanda aka ƙi da dalilin ƙi. A sa kwanan wata, a sake dubawa duk bayan wata uku, don shafi na iya canza hannu ya canza hali.

Wadda ƙungiyarsu ta gwada wani shafi, ta aiko mana da abin da suka gani ta hannun wakiliyar yankinsu, mu sanar da sauran. Fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wasannin waya da ke cewa kyauta ne, sannan su nemi yaro ya sayi abu a tsakiyar wasa. A gaida yara, a gaida masu gida. Allah ya yi wa zuri'a albarka.